Amsar Tambaya: Yadda Ake Rage Cikon Magana

Tambaya: Malam, na rubuta wa Shugaban Karamar Hukumar Kibiya wasika kan hanyarmu, ta yi tsawo. Yaya zan rage ta?
Daga wani dalibi a Kibiya

Amsa: Dana, ga jimlarka ta farko: "A gaskiyar magana dai, hanyar da ta tashi daga Kibiya zuwa Rano ta lalace ta baci kwarai da gaske matuka." Cire "a gaskiyar magana dai", domin ba wanda ya zarge ka da karya. "Lalace" da "baci" abu daya suke fada a nan, ka bar "lalace". "Kwarai" kadai ta isa. Sai ta koma: "Hanyar Kibiya zuwa Rano ta lalace kwarai."

Amma ba kowane maimaici ake yankewa ba, kuma nan nake jiye maka. Ka rubuta "motoci suna wucewa daya-daya". In ka mayar da ita "daya", ka bata zancen. Haka "sannu-sannu" da "kashi-kashi". Ita ma "ba" ta karshen korewa, kamar a "ba a gyara ba", kada ka taba ta.

Duk kalmar da kake shakka, rufe ta da yatsa ka karanta jimlar a bayyane. In sakon bai sauya ba, goge ta. Gaisuwar girmamawa ga Shugaba kuwa, bar ta sau daya a farkon wasikar.