Kafin Ka Sayi Kwanon Rufi, A Auna Gangara

Ni kafinta ne, ina aikin rufi a Garbadu da ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Abin da ya fi damuna a wannan sana'a shi ne mai gida ya auna daɓen ɗaki, ya tafi kasuwar Mafara ya sayo kwano, sannan ya nemi kafinta. Daɓe a kwance yake, rufi kuwa a karkace, kuma kowane kwano yana hawa kan ɗan'uwansa. Lissafin daɓe ba zai taɓa isar rufi ba.

Ga wani aiki da na yi. Gini ne mai tsawon ƙafa 30 da faɗin ƙafa 16, za a yi masa rufi mai gangara biyu. Mai gidan ya buga 30 sau 16, ya samu 480, ya raba da girman kwano ɗaya, ya ga kusan 35. Sai ya sayo bandir biyu, wato kwano 40, yana ganin har da rara.

Na fara da gangara. Rabin faɗin ginin ƙafa 8 ne, doron rufin kuma zai tashi ƙafa 6 daga saman bango. Idan kwance 8 ne, tsaye 6, to gangara 10 ce. Wanda bai yarda ba ya ja igiya a ƙasa ya gwada. Na ƙara ƙafa ɗaya da rabi na bakin da zai zarce bango don ruwa ya faɗi nesa da gindin gini, ya zama ƙafa 11 da rabi. Kwanon ƙafa 6 ne. Biyu a jere, na sama ya hau na ƙasa da inci 6, sun ba da ƙafa 11 da rabi cif. Ke nan layi biyu a kowane gefe.

A nan nake so a tsaya a duba da kyau. Da mai gida ya ce bakin ya zarce da ƙafa 2, gangara ta zama ƙafa 12, kwano biyu ba za su kai ba sai dai a hana su hawan juna, ko a yanko layi na uku. Inci 6 kacal ya jawo ƙarin kuɗi da ƙarin mahaɗa. Da kuma an sauke doron zuwa ƙafa 4 don a yi tsimi, gangara da baki za su dawo kusan ƙafa 10 da rabi, kuma layi biyun nan dai za a sa. Katako zai ragu, kwano ko ɗaya ba zai ragu ba. Shi ya sa nake daidaita tsayin doro da tsawon kwanon tun kafin a yanka katako.

Sai faɗi. Kwanon da ya sayo inci 28 ne, amma hawan gefe na tudu ɗaya da rabi ya ci kusan inci 4, abin da yake rufewa ƙafa 2 ne. Faɗin kwano ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka ɗora biyu a gaban mai shago ka sa tef. Tsawon rufin 30 ne da ƙafa ɗaiɗai a kai biyu, 32. Raba da 2, kwano 16 a layi. Layi biyu 32, gefe biyu 64.

Murfin doro shi aka fi mantawa. Doron ƙafa 32 ne, murfi mai ƙafa 6 da hawan inci 6 yana buƙatar guda 6. Mun tsaga kwano 3 a tsaye muka lanƙwasa, kowane ɓari ya sauka inci 7 dama da hagu. Jimla 67, na ƙara 3 saboda wanda zai lotse ko ya yage, 70: bandir uku da rabi.

Idan kwano ya gaza kuma babu kuɗin ƙari, abin da wasu ke yi shi ne rage hawa, su bar rabin tudu a gefe da inci 2 a sama. Da rani ba za ka gane ba. Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ita ke tura ruwa ya haura ta mahaɗa. Za ka ga yoyo a layi ɗaya miƙe a silin, ko haske na shigowa ta tsakanin kwano da rana. Saboda wannan iska, idan doro ya miƙa gabas da yamma, daga yamma nake fara jeri, don bakin kowane hawa ya ba gabas baya.

Wannan lissafi na rufi mai gangara biyu ne. Mai gangara huɗu yana da yankan kusurwa da doro huɗu na ƙari, asararsa ta fi yawa, sai an auna kowane ɓangare daban.