Asusun da ba kuɗin kwana: shawarwari ga gidan da ke da ɗan foreks a Yagwa

Ɗan ƙanwata yana sarin shinkafar SEMRY, yana ƙetara Logon da ita zuwa Bongor. Bayan ya sayar da kayan bara sai ya ware wani abu ya zuba a cinikin kuɗaɗen waje ta waya, wanda samari ke kira foreks. Wata rana ya same ni a zaure bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dillalin ya ce zai mayar da ni asusun Musulunci, ba za a ƙara cire mini kuɗin kwana ba. Shi ke nan na fita daga riba?" Riba mai gajeren wasali yake nufi, wato kuɗin ruwa, ba ribar ciniki ba. Na ce masa ƙofa ɗaya aka rufe, gidan kuwa ƙofofinsa da yawa. Ga abin da muka bi daki-daki.

1. Fara sanin abin da ake cirewa, da dalilinsa.

Idan ka sayi yuro da dalar Amurka a manhaja, a lissafin dillali ka ranto dala ne ka riƙe yuro. Kowane kuɗi yana da ruwan da babban bankin ƙasarsa ya yanka. Duk daren da cinikin ya kwana a buɗe, sai a lissafa bambancin ruwan biyu, dillali ya ɗora nasa kason, a cire maka ko a ƙara maka. Wannan ne kuɗin kwana, kuma a allo sunansa `Swap`.

Kana iya ganinsa kafin ka buɗe ciniki. A MetaTrader, ka danna sunan kuɗin, misali `EURUSD`, ka shiga bayaninsa. A kwamfuta ana samunsa ƙarƙashin `Market Watch` sannan `Specification`. Za ka ga `Swap long` na mai saye da `Swap short` na mai sayarwa.

A ce ka buɗe lot 0.10, wato yuro 10,000. Tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, ka ɗauki nauyin sama da sefa miliyan shida da rabi ke nan, ko da abin da ka ajiye bai kai dubu saba'in ba. A ce allon ya nuna -7 na maki. A wannan girman kowane maki kashi ɗaya cikin goma na dala ne (dalar Amurka, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba). Mu ƙaddara dala a sefa 600: kowane dare sefa 420 ke tafiya. Ba ta da yawa a ido, shi ya sa yaron ya yi wata biyu bai lura ba.

2. Ka kiyayi daren Laraba, ka kuma san agogon.

Cinikin kuɗi a kasuwar duniya ana kammala biyansa ne bayan kwana biyu na aiki. Wanda ya kwana daga Laraba zuwa Alhamis, ranar biyansa ta tsallake Asabar da Lahadi, don haka ake cire na dare uku a lokaci guda. Wanda ya buɗe ranar Litinin ya rufe Alhamis ta makon gaba ya kwana goma, amma na dare 12 zai biya, domin Laraba biyu ta ratsa. A misalinmu sefa 5,040 ke nan.

Yawancin dillalai suna juya rana da ƙarfe biyar na yamma agogon New York. A Yagwa wannan ƙarfe 10 na dare ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma ƙarfe 11. Wanda ya rufe kafin lokacin ba a cire masa komai ko a asusun kowa-da-kowa. Amma kada ka jira mintin ƙarshe. Daf da wannan sa'a tazarar farashin saye da sayarwa takan buɗe baki, ga kuma yadda wuta da layin waya suke yi mana a nan. Ka mai da sallar isha'i iyakarka. Ka kuma tabbatar da sa'ar dillalinka a takardunsa, don akwai masu tasu daban.

3. Idan an ce an cire kuɗin kwana, nemi inda aka mayar da shi.

Nan ne na fi daɗewa da yaron, domin dillali ba sadaka ya fito yi ba. Hanya uku aka fi bi.

Ta farko, a ba ka 'yan kwanaki kyauta, daga nan a fara cire abin da ake kira kuɗin hidima kowane dare. A ce an yanka dala 10 a kan cikakken lot ɗaya. Kai mai 0.10 dala ɗaya za ka biya, sefa 600, alhali wanda bai nemi asusun Musulunci ba 420 yake biya. Ka ga an canza wa tuwo suna, an kuma ƙara masa kuɗi. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan kuɗin yana ƙaruwa da yawan dararen da ka riƙe da kuma girman abin da aka ranta maka, to siffar kuɗin ruwa gare shi, ko me aka rubuta a kansa. Ladan dillanci na gaskiya sau ɗaya ake biyansa a kan aikin da aka yi.

Ta biyu, a faɗaɗa tazarar saye da sayarwa. Ƙarin maki goma a 0.10 dala ɗaya ne a kowane ciniki. Wanda ba ya kwana da ciniki tun asali, idan ya koma irin wannan asusun, asara ya saya: yana biyan sefa 600 duk shigarsa don gudun abin da dama ba ya taɓa shi.

Ta uku ita ce sharaɗin da ke can ƙasan yarjejeniya. Dillalai da yawa sun rubuta cewa suna da ikon janye rangwamen, har su dawo su cire na baya, idan suka ga kana daɗewa da ciniki. Wasu kuma rangwamen bai shafi kowane kaya ba. Ana iya yafe na `EURUSD` a bar na zinariya, `XAUUSD`, ko na kuɗaɗen da ba a cika cinikinsu ba. Ka aika musu tambaya a rubuce: kwana nawa ne kyauta, nawa ake cirewa bayan nan, waɗanne kaya ne ba sa ciki, kuma za a iya cire na baya? Ka adana amsar.

4. Gwada da ƙaramin abu. Kada ka ɗauka lambar wayar Kamaru ko sunanka na Musulmi sun isa a sauya maka asusu. Wasu sai ka nema, wasu har takarda suke tambaya. Bayan sun ce an yi, buɗe 0.01 ranar Laraba ka bar shi ya kwana. Da safe duba `Swap`, duba `Commission`, sannan ka bi tarihin asusun layi-layi ko an cire wani abu a gefe da wani suna.

5. Kuɗin kwanan da aka ƙara maka ma riba ne.

Wani lokaci lambar takan zo ba alamar ragi, kai ake ba. Yaron ya sami irin wannan har ya ji daɗi. Mai ci da mai bayarwa duk hani ya hau kansu. Abin da malamai suka saba faɗa shi ne a tattara jimillarsa a fitar wa mabukata don tsarkake dukiya, ba a sa shi a cefanen gida ba, ba a kuma lissafa shi cikin zakka ba.

6. Kai wa malami tambayar gaba ɗayanta.

Idan ka je ka ce, "Malam, asusun da ba kuɗin ruwa ya halatta?" ka riga ka ba shi amsar da kake so. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san musayar kuɗi da kuɗi sharaɗinta hannu da hannu, ba jinkiri. To yuro 10,000 ɗin nan, ka taɓa iya cire su ka riƙe? A yawancin waɗannan manhajoji ba yuro ake sayar maka ba. Yarjejeniya ce tsakaninka da dillali cewa idan farashi ya hau zai biya ka bambanci, idan ya sauka kai za ka biya. Ɗan canji a kasuwa kuwa, ka miƙa sefa ya miƙo naira, kowa ya kama gabansa.

Sai batun rance. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 18 a Makka a 2006, ta haramta cinikin da dillali ke ranta wa mutum ninkin abin da ya ajiye. Kuɗin kwana ɗaya ne kawai cikin dalilanta. Wani dalilin shi ne dillalin ya ba ka rancen ne bisa sharaɗin ta hannunsa za ka yi ciniki ya ci lada, wato bashin ya jawo masa amfani. Wannan yana nan daram ko an share kuɗin kwana. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ma a 2012 ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane irin wannan ciniki ta intanet. Akwai masu sassautawa idan babu ninki kuma kuɗin ya shiga asusunka har kana iya cire shi, amma ka lura da sharuɗɗan nan biyu, domin su ne asusun waya ya fi rasawa. Ni dai a nawa ganin, asusun da aka cire wa kuɗin kwana kaɗai bai cancanci a kira shi na Musulunci ba.

Saboda haka ka tafi wa malam da abu huɗu a rubuce: nawa ka ajiye, nawa aka buɗe maka, me ake cirewa da yaushe, kuma kana iya karɓar ainihin kuɗin da ka saya ko a'a. In dillali ya ce yana da takardar malamai, ka tambayi sunayensu da shekarar da suka sa hannu.

7. Kuɗin gida ba ya shiga nan.

Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, har ta hana a ninka musu fiye da sau 30 a manyan kuɗaɗe. Dillalan da ke tallata wa samarinmu ninki ɗari ko ɗari biyar galibi a wasu tsibirai suke da rajista, inda ba COSUMAF, mai kula da kasuwar kuɗi ta yankinmu daga Libreville, ba kotun Yagwa da za ta kamo maka su. A misalinmu na ninki ɗari, farashi ya motsa kashi ɗaya cikin ɗari ta inda ba ka so, daidai da ajiyar taka duka ya tafi. Kuɗin taki, kuɗin makarantar yara, adashen uwargida, jarin sarin shinkafa, kowanne ya zauna inda yake, kuma maigida da uwargida su san adadin da aka zuba tun ranar farko.

Yaron ya rufe abin da ke buɗe a daren nan kafin isha'i. Washegari ya tattara kuɗin kwanan da aka ƙara masa ya fitar, ya rubuta tambayoyinsa huɗu a bayan takardar awon shinkafa, ya nufi gidan malaminsu.