Yadda Ake Mayar da Shekarar Hijira Zuwa Miladiyya

A gidajen malamai na Sukuntuni da sauran garuruwan ƙasar Kankia da Kusada, akan tarar da ranar haihuwar ɗa a rubuce a bangon Alƙur'ani ko cikin kundi, da lissafin Hijira. Ranar da za a yi katin ɗan ƙasa ko fasfon aikin Hajji, sai ma'aikaci ya ce shekarar Miladiyya yake so. Nan mutane da yawa ke yin kintace, alhali lissafin bai fi ƙarfin biro da takarda ba.

Fara da sanin abin da ya raba su. Ƙidayar Hijira ta soma ne daga shekarar da Annabi (SAW) ya yi ƙaura zuwa Madina, wato 622 Miladiyya, kuma a zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da ita. Wata take bi, kwanakinta 354 ko 355. Miladiyya rana take bi, kwana 365 ko 366. Tazarar kwana 11 ke nan duk shekara, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa sanyi, daga sanyi zuwa damina. In an tara wannan tazara, shekara 33 ta Hijira ta yi daidai da 32 ta Miladiyya. Saboda haka ƙara 622 kawai ba ya fid da kai.

Ga yadda za ka yi. A ce kundin ya nuna an haifi baba a watan Ramadan na 1380. Raba 1380 gida 33, za ka sami 41 da ragowar da ta haura rabi, sai ka cika ta 42. Cire 42 daga 1380, saura 1338. Ƙara 622, ka sami 1960.

Kada ka yi saurin miƙa wa ma'aikaci wannan amsa, don a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Shekarar Hijira kusan kullum tana taka shekarun Miladiyya biyu ne. Ita 1380 ta kama a ƙarshen Yunin 1960, shi ya sa samun 'yancin kan Nijeriya a 1 ga Oktoba ya faɗo a cikinta. Amma Ramadan shi ne wata na tara. Ƙirga wata takwas daga ƙarshen Yuni, ka ga ka tsallaka zuwa Fabrairun 1961. Ashe baba ɗan 1961 ne. Haka hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu take: lissafin 1218 zai ba ka 1803, amma a Zulƙida aka yi ta, wata na goma sha ɗaya, wanda ya zo a Fabrairun 1804. A ganina, in babu sunan wata a rubuce, gaskiya ita ce a ambaci shekarun biyu, kamar 1960/61.

In kuma daga Miladiyya za ka koma Hijira, cire 622, raba abin da ya rage gida 32, sannan ka haɗa su. An ƙirƙiro Jihar Katsina a Satumban 1987. Cire 622, saura 1365. Raba gida 32, ka sami kusan 43. Haɗa, ka sami 1408, kuma haka ne, don 1408 ta kama a ƙarshen Agustan shekarar.

A lura kuma da Iran: su ma daga Hijira suke ƙirgawa, amma da shekarar rana, don haka ba a raba tasu gida 33, 621 ake ƙarawa, ko 622 in kwanan ya faɗo tsakanin Janairu da wajen 20 ga Maris.

Wannan lissafi shekara yake bayarwa, ba rana ba. Mai neman ainihin rana sai ya duba jadawali ko manhajar waya, kuma ko su suna iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, mu da ganin jinjirin wata da sanarwar Sarkin Musulmi muke aiki, ba da kalandar Saudiyya ba, sannan ranar Hijira da faɗuwar rana take kamawa. In kundin ya ambaci Talata ko Juma'a, riƙe wannan da kyau, da ita za ka warware saɓanin. Kuma ka kwafe kwanan Hijirar kusa da wanda ka fitar, don na baya su iya bin sawun lissafinka.