Me ya sa solata ke mutuwa idan an jona dutsen guga?

Wani mai karatu daga Gaya ta Nijar ya rubuto cewa ya sa sola a gidansa bayan wahalar da aka sha a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta. Yana da faranti huɗu na wat 300, batir biyu masu bolt 12 da amfa-awa 200, da inbata mai ɗaukar kusan wat 1200. Amma da zarar uwargida ta jona dutsen guga da daddare sai inbata ta yi ƙara, gida ya yi duhu. Yana tambaya: kayan ne jabu, ko kuwa akwai abin da bai kamata a ɗora wa sola ba?

Malam, na ji daɗin tambayar nan. Da alama kayanka lafiyarsu lau, nauyi ne ya fi ƙarfinsu.

Ka ɗauki batir kamar randa, inbata kuma famfon da ke jikinta. Inbata ita ce na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Saboda haka kowane kaya tambaya biyu ake yi masa: wat nawa yake ja a lokaci guda, kuma awa nawa zai yi a kunne. Ta farko ta shafi faɗin famfo, ta biyu ta shafi ruwan randa. Wat ɗin yana rubuce a bayan kowace na'ura, kusa da harafin W.

Mu yi lissafin gidanka. Batir biyun nan sun tara wat-awa 4800, wato abin da zai riƙe kayan wat 100 tsawon awa 48. Amma irin wannan batir na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba sai ya tsufa da wuri. Inbata ma tana cin nata. Abin da ya rage maka da gaske bai wuce 2000 ba. Ƙwan fitila shida na wat 10 a awa biyar za su ci 300. Fanka biyu na wat 60 a awa takwas, 960. Talabijin a awa huɗu, kusan 240, sai cajin wayoyi. Duka bai kai 1600 ba, har asuba da sauran wuta. Waɗannan su ne 'yan gidan sola.

Dutsen guga kuwa shi kaɗai yana jan wat 1000 zuwa 1200, ko ma fiye. Ya cika inbatarka tun kafin a ƙirga fanka, shi ya sa take kashe kanta don kada ta ƙone. Butar dafa ruwa da hita sun fi shi, sukan kai 1500 zuwa 2000. Duk abin da aikinsa shi ne yin zafi, ka ɗauka mai cin wuta ne.

Na'urar sanyaya ɗaki ita ce mafi nauyi, ko da yake na san zafin Afrilu a Gaya yana sa mutum ya yi kwaɗayinta. Mai doki ɗaya da rabi tana jan kusan wat 1100, kuma wajen tashi injinta yakan fizgi ninki uku na haka na ɗan lokaci. Ko da inbata ta jure, wutar darenka gaba ɗaya ba za ta kai awa biyu ba.

Firiji yana tsakiya. Cinsa kaɗan ne, wat 100 zuwa 150, amma shi ma yana fizga wajen tashi, kuma dare da rana yake aiki. Da batir biyu, ni dai zan bar shi ya yi sanyi da rana, a kashe shi idan za a kwanta, musamman a Agusta da hadari ke rufe sama. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nijar, kuma a irin ranakun nan batir ba ya cika.

Abin da na fi so ka yi shi ne kada ka dogara da gargaɗin baki, domin wata rana baƙo ko yaro zai jona abin da ya ga dama. Ka kira mai gyaran wuta ya raba layin gida biyu tun daga akwatin rarraba wuta. Fitilu, fankoki da soket biyu ko uku su koma layin inbata, da nasu ƙaramin bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan nauyi ya yi yawa. Soket na kicin, na guga da na na'urar sanyi su zauna a layin NIGELEC kaɗai. Ka shafa wa soket na sola fenti don kowa ya gane. Kuma a tabbatar wutar inbata ba ta komawa layin kamfani, don hakan na iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya.

Idan guga ta zama dole ranar da babu wutar kamfani, a yi ta da tsakar rana, batir a cike, a kashe sauran kaya, da dutsen da bai wuce wat 1000 ba. In ka ji wayar batir ta yi zafi ko fitilu sun dusashe, a cire nan take a koma na gawayi.