Shugabana na ci min fuska a gaban abokan aiki

Ɗan'uwa mai tambaya daga Matamaye, ka ce shugabanku ya kira ka jaki a gaban abokan aiki. Rubuta wa daraktan ma'aikatar takarda da Faransanci, tunda da shi ofisoshin Nijar suka saba aiki.

Ka sa rana da wuri, ka kawo ainihin kalaman da ya furta, da sunayen waɗanda suka ji. Kada ka rama zagi, don da shi za a kama ka. Ka nemi a zaunar da ku a tsawatar masa.

Yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a naka. In an yi shiru, kai kwafin ofishin sufeton ƙwadago a Damagaram.