Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan Jikin Mai Wankin Ƙoda

Wannan shawara ta nas-nas ce da ɗaliban aikin lafiya da ke shiga ɗakin wankin ƙoda, amma masu jinyar ɗan'uwa ma za su amfana. Kafin likita ya tsara ko awa nawa mara lafiya zai yi a kan inji, yana bukatar sanin lita nawa ne ruwan da ke jikinsa gaba ɗaya, na cikin jini da na tsoka da na sauran gaɓoɓi. Dalili shi ne, yuriya, wato dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, tana bazuwa ne cikin dukkan ruwan nan. Mai ruwa lita 45 ba zai wanku a lokacin da mai lita 30 zai wanku ba.

A makaranta an saba koyar da cewa ruwa shi ne kashi 60 cikin ɗari na nauyin namiji, kashi 50 na mace. Wannan ya isa don ƙiyasin gaggawa, amma bai kula da tsawo ko shekaru ba. Shi ya sa a ɗakin wanki aka fi dogara da lissafin Watson, wanda aka wallafa a 1980 bayan an tattara awon maza 458 da mata 265. Abu huɗu yake bukata: nauyi a kilo, tsawo a santimita, shekaru, da jinsi.

```
Namiji: V = 2.447 − (0.09516 × shekaru) + (0.1074 × tsawo) + (0.3362 × nauyi)
Mace:   V = −2.097 + (0.1069 × tsawo) + (0.2466 × nauyi)
```

Amsar tana fitowa ne a lita. Ku lura, na mata babu shekaru a ciki. Haka lissafin yake tun asali, ba mantuwa aka yi ba.

Mu ɗauki misalin magidanci mai shekara 55, tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 68 bayan an gama masa wanki, kumburi ya saɓe. Shekarunsa sun ba da 5.23, wanda za a ɗebe. Tsawonsa ya ba da 18.47, nauyinsa kuma 22.86. A haɗa 2.447 da 18.47 da 22.86, a cire 5.23, an sami lita 38.5, wato kusan kashi 57 cikin ɗari na nauyinsa. Da dokar kashi 60 aka bi, da an ce lita 40.8, an ƙara masa fiye da lita biyu. Mace mai wannan tsawo da wannan nauyi kuwa lita 33 za ta samu, domin jikin mace ya fi na namiji kitse, kitse kuma ba ya riƙe ruwa kamar tsoka.

To, me za a yi da wannan 38.5? Ita ce V ɗin da ke cikin Kt/V, ma'aunin da ake duba ko wanki ya wadatar. K na nufin yawan ruwan da matatar inji ke tsarkakewa daga yuriya a kowane minti, t kuma tsawon zaman. A ce K mililita 230 ce a minti, zaman kuma awa huɗu, wato minti 240. An tsarkake lita 55.2 ke nan. A raba da 38.5, an sami 1.43. Ga mai yin wanki sau uku a mako, ana so kada a gaza 1.2 a kowane zama, kuma 1.4 ake hara. Amma idan magidancin nan ya matsa a cire shi bayan awa uku saboda gajiya ko nisan gida, lita 41.4 kawai aka tsarkake, Kt/V ya sauka zuwa 1.08. Ina ganin ya dace a nuna wa mara lafiya wannan lissafi a takarda, ya ga da idonsa abin da awa ɗaya ke rage masa. Kuma a tuna, a wurarenmu mutane da yawa sau biyu suke samun yi a mako ko ƙasa da haka saboda tsadar wankin, su kuwa 1.2 ba ta ishe su ba. Wannan duka tsari ne na kafin a fara. Ainihin abin da mutum ya samu sai an ɗebi jininsa kafin wanki da bayansa, an auna yuriya.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lissafin Watson ba ya gane kumburi. A ce mutumin nan ya dawo bayan kwana uku da kilo 72, ƙafafu sun kumbura. Kilo huɗun da ya ƙaru ruwa ne zalla, lita huɗu cur, domin ba wanda ke yin tsoka ko kitse kilo huɗu cikin kwana uku. Amma idan aka sa 72 a lissafin, lita 1.3 kacal zai ƙara, saboda ya ɗauka cewa kowane kilo na namiji kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake ƙara ruwa. An gina shi ne a kan mutanen da ruwan jikinsu ke daidai. Don haka abin da yake faɗa shi ne ruwan da ya kamata mai wannan siffa ya kasance da shi, ba wanda yake ɗauke da shi yau ba. Haka nan ga wanda gudawa da amai suka zuƙe: ya rasa kilo uku, kusan duk ruwa, lissafin zai ce lita ɗaya ya rasa.

Saboda haka nauyin da ake sawa shi ne na bayan wanki, wanda likita ya tabbatar cewa ruwan da ya taru ya fita. Yawan ruwan da za a cire a kowane zama kuwa sikeli da duba jiki ne ke nuna shi. A danna ƙauri da yatsa a ga ko ya lotsa, a tambaya ko numfashi na sarƙewa in ya kwanta, a duba jijiyoyin wuya da hawan jini. Idan kuma a ƙarshen wanki tsokar ƙafa na ɗaurewa, jiri na ɗibarsa, jini ya faɗi, to wataƙila an cire fiye da kima, ko an cire da sauri, ko kuma ya yi ƙiba ta gaske ba a gyara nauyin da ke rubuce a katinsa ba. Akasin haka ma na faruwa: mai ciwon ƙoda ya rame a hankali, ruwa ya cike gurbin naman da ya zube, sikeli bai motsa ba. Shi ya sa ake sake tantance wannan nauyi a kai a kai, musamman bayan kwanciya asibiti.

Wajen awo, ga abin da kowane kuskure ke jawowa a namiji: kilo uku daidai yake da lita ɗaya, santimita goma lita ɗaya da ɗan ɗoriya, shekara goma kusan lita ɗaya. Idan dattijo bai san shekarar haihuwarsa ba, kuskuren shekara biyar rabin lita ne, ba abin tayar da hankali ba. Tsawo kuwa a auna shi a jikin bango ba takalmi ba hula, kada a ce "ai zai kai 170". Nauyi a sikeli ɗaya kullum, da tufafi marasa nauyi, a tuɓe babbar riga.

Akwai waɗanda lissafin bai dace da su kai tsaye ba. Yara suna da nasu, irin na Mellits da Cheek. Mai juna biyu da mai ruwa a ciki ba sa shiga. Wanda aka yanke wa ƙafa, abin da ba baƙo ba ne ga masu ciwon suga, sai an yi gyara don gaɓar da ta tafi. Mai ƙiba sosai da wanda ya rame ƙwarai, amsarsu na iya kaucewa da lita da dama. Inda asibiti ke da na'urar da ke auna ruwan jiki ta hanyar ratsa ƙaramar wutar lantarki, a irin waɗannan mutane ne ya fi cancanta a yi amfani da ita, a kwatanta sakamakon da na Watson kafin likita ya yanke tsawon zaman.