Darasi Na 14: Wasiƙar Kaka Zuwa Ga Jikarta

A darasin da ya wuce mun koyi rubuta sunanmu. Yau za mu koyi inda ya kamata mu sa shi. Ga wasiƙar wata tsohuwa zuwa ga jikarta, wadda za ta tafi jami'a a ƙasar Masar. Mu karanta a hankali.

Zuwa ga kishiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na ji ranar tafiyarki ta matso. Ba ni da kuɗin da zan ba ki, amma ga guzuri.

A shekarar 1973 aka yi babban fari. Rumbunmu ya ƙare, kakanki kuwa ya tafi cin rani. Na je wurin wani mai hatsi, na ci bashin gero buhu 1. Ya ce in biya buhu 1 da rabi da kaka. Ya miƙo takarda, ya ce in yi sauri. Ban iya karatu ba, sai na dangwala yatsa.

Da lokacin biya ya zo, ya ce buhu 3 yake bina. Muka je gaban alƙali, aka karanta takarda. Ashe buhu 3 aka rubuta, ga yatsana a ƙasa. Ba ni da shaida. Sai da na sayar da awakina 4 na biya. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan.

Ke kin yi karatu, amma baƙo ko da ido makaho ne. Za a ba ki takardar hayar ɗaki da Larabci. Kada ki sa hannu sai kin gane kowane layi. In ya gagare ki, ki nemi amintacce ya karanta miki, ba wanda ya kawo takardar ba. Kada ki yarda a bar fili a cikinta, gama ana iya cika shi bayan idonki. A rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi, don 1 ba ta da wuyar zama 10. Ki karɓi kwafinki, in kin biya kuma ki karɓi rasit. Wanda ya ce ki yi sauri, ki ce sai gobe.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ce kakarki.

To, jama'a, mun ji. Ko a ƙauyenmu akwai takardar bashi, da ta jinginar gona. Alƙali ba ya wurin sa'ad da aka yi magana, takarda da shaidu yake dubawa. Saboda haka mu karanta tukuna, sa'an nan mu sa hannu.

Tambayoyi

1. Buhu nawa aka gaya wa tsohuwa, nawa kuma aka rubuta?
2. Don me ba a barin fili a takarda?
3. Mu rubuta 15 da 50 da kalmomi.